API: Abin da Mai Haɗa Shafi Yake Nufi, da Abin da Mai Shago Ya Kamata Ya Bincika

Idan ka ba wani aikin haɗa wa shagonka shafin sayar da kaya a intanet, ba za a yi nisa ba zai ce maka, "Alhaji, saura mu haɗa API na biyan kuɗi." Ana furta shi e-fi-ai. Yawancin masu shago kai kawai suke gyaɗawa a nan, su miƙa kuɗin aiki, su bar sauran ga Allah da mai haɗa shafi. Amma wannan gaɓar ita ce inda kuɗinka zai riƙa bi kullum, don haka ya dace ka san yadda take, ko da ba ka taɓa rubuta layi ɗaya na manhaja ba.

API hanya ce da aka tsara wadda manhaja ɗaya take roƙon wata manhajar ta yi mata aiki ko ta ba ta bayani, ba tare da mutum ya zauna yana danna maɓalli ba. Kai mutum ne, kana buƙatar allo mai hotuna da rubutu kafin ka yi mu'amala da banki. Shafinka kuwa ba shi da ido. Abin da yake buƙata shi ne adireshin da zai aika saƙo, da tsarin da zai rubuta saƙon, da tabbacin irin amsar da za ta dawo.

Ka ɗauki babban dila a Kantin Kwari wanda ba ya barin kowa ya shiga sitonsa. Ya buɗe taga ɗaya, ya ce duk mai son kaya ya aiko yaro da takarda: sunan kaya a sama, adadi a ƙasa, hatimin shagonka a gefe. Takardar da ta cika sharaɗi a ba ta kaya da rasit, wadda ba ta cika ba a mayar da ita da dalili. Yaronka bai san yadda aka jera kaya a ciki ba, kuma ba ruwansa. Dila yana iya sake fasalin sito gaba ɗaya cikin dare, muddin taga da tsarin takarda ba su canza ba, cinikinku na tafiya. To API ita ce wannan tagar tare da ƙa'idar takardar.

Ka ma daɗe kana amfani da ita. Duk lokacin da ka shigar da lambar asusu mai lamba 10 a manhajar bankinka, ka zaɓi wani banki daban, sunan mai asusun ya bayyana kafin ka tura kuɗi, ba bankinka ne ya san sunan ba. Manhajarsa ce ta aika tambaya ta hanyar NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan Najeriya, aka tambayi ɗayan bankin, amsa ta dawo cikin daƙiƙoƙi. Ranar da ka ga sunan ya ƙi fitowa, ka ce "ba netuwok", sau da yawa ɗayan ɓangaren ne ya kasa amsawa.

API iri-iri ne. Akwai na aika saƙon tes, akwai na taswira, akwai na kamfanonin kai kaya. Zan tsaya a kan na karɓar kuɗi, domin shi ne wanda kuskure a cikinsa yake cin jari. Zan yi misali da na Paystack, kamfanin da aka kafa a 2015, wanda Stripe na Amurka ya saya a 2020, saboda masu haɗa shafi a Najeriya suna yawan amfani da shi. Flutterwave da Monnify da sauransu suna da nasu. Sunayen abubuwa sun bambanta, amma tafiyar kusan ɗaya ce.

A ce kana sayar da atamfa a Kano. Wata hajiya a Kaduna ta shiga shafinka da dare, ta zaɓi turmi biyu, kowanne naira 18,500, ga kuɗin kai kaya naira 3,000. Jimla naira 40,000. Ta danna maɓallin biya. Daga nan zuwa lokacin da za ka ɗaure mata kaya, ga abin da ke faruwa a bayan allo.

Shafinka yana zaune ne a kan wata kwamfuta da ba ta mutuwa dare da rana, wadda suke kira saba. Wannan sabar ce za ta aika wa Paystack saƙo ta ce ga mai saye, ga adadin da nake so a karɓa. Mai haɗa shafi ba ƙirƙirar saƙon yake yi da ka ba. Kamfanin ya wallafa ƙa'idarsa, shi kuma bi yake yi. Saƙon yana kama da wannan:

```
POST https://api.paystack.co/transaction/initialize
Authorization: Bearer sk_live_xxxxxxxx

{"email": "hajiya@example.com",
 "amount": 4000000,
 "reference": "ODA-1052"}
```

Layin farko adireshin da ake aika buƙatar ne. Na biyu shi ne shaidar cewa shagonka ne ya aiko, zan dawo kansa. Sauran kuwa imel na mai saye ne, da adadin kuɗi, da lambar da shafinka ya ba wannan cinikin don kada ya cakuɗe da wani.

Ka dubi adadin da kyau. Naira 40,000 ce, amma an rubuta 4000000. Ba kuskure ba ne: Paystack da kwabo yake lissafi, kuma kwabo 100 ne naira ɗaya. A Gana ma da fesuwa yake lissafin sidi. Idan mai haɗa shafi ya manta ya ninka da 100, ya aika 40000, to naira 400 za a cire wa hajiya, kuma kamfanin ba zai ga wani laifi ba, abin da aka tambaya ya karɓa. API ba ta san farashin atamfa ba. Ba ta da hankalin yaron shago da zai tsaya ya ce, "Anya kuwa, Alhaji?" Abin da aka rubuta shi take aikatawa, daidai ko kuskure, sau ɗaya ko sau dubu.

Paystack zai amsa da wani adireshi, `authorization_url`, shafinka kuma ya tura hajiya can. A wannan shafin na kamfanin ne za ta shigar da lambar katinta, ko ta zaɓi tiransifa a ba ta wata lambar asusu ta ɗan lokaci da aka ware wa wannan cinikin, ko ta yi amfani da USSD. Lambar katin ba ta bi ta shafinka ba, kai ba ka gan ta ba, mai haɗa shafi bai gan ta ba. Wannan alheri ne a gare ka. Idan wani ya ce zai gina maka wurin da kwastoma za su rubuta lambar kati a ajiye a sabarka, ka ƙi, domin amana ce da ba ka da ƙarfin tsarewa.

Hajiya ta biya, an mayar da ita shafinka. A nan ne ake gane gwani da ɗan koyo.

Ɗan koyo yana cewa: tunda an dawo da ita shafin "an gode", ai ta biya. Sai ya sa manhaja ta rubuta cewa an biya. Matsalar ita ce wannan dawowar a wayar mai saye take faruwa, kuma duk abin da ke hannun mai saye yana iya sarrafa shi. Wanda ya san kan abin zai iya buɗe adireshin "an gode" kai tsaye ba tare da ya biya ko sisi ba. Wannan shi ne alat na bogi a sabuwar riga. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da ciniki ya koma tiransifa, ba mai shagon da bai san cewa hoton rasit a wayar kwastoma ba kuɗi ba ne. Ƙa'idar ba ta canza ba don an koma intanet.

Gwani kuwa yana sa sabarka ta koma ta tambayi Paystack da kanta, ta bayan mai saye:

```
GET https://api.paystack.co/transaction/verify/ODA-1052
```

Amsar da za ta dawo tana da tsawo, amma ga abin da ya shafe ka a ciki:

```
{"status": true,
 "data": {"status": "success",
          "amount": 4000000,
          "currency": "NGN",
          "reference": "ODA-1052"}}
```

Ka lura `status` ya fito sau biyu, kuma wannan tarko ne da ke kama mutane da yawa. Na sama, mai `true`, yana nufin tambayarka ta iso, an gane ta, an samo cinikin. Bai ce an biya ba. Na ciki shi ne hukunci: `success` an biya, `failed` an gwada bai yiwu ba, `abandoned` mai saye ya buɗe shafin biya ya tafi abinsa. Manhajar da ke duba na sama kawai za ta ɗauki cinikin da aka watsar a matsayin wanda aka biya. Alamarta a shago ita ce ka ga odar da shafinka ya ce an biya, ka shiga dashbod na Paystack ka tarar babu kuɗinta.

Ko `success` ɗin ma bai wadatar shi kaɗai ba. Dole manhaja ta gwada adadin da aka biya da adadin da ke kan odar a littafin shafinka. Idan oda ta ce kwabo 4000000, amsa ta ce 40000, an biya wani abu amma ba a biya atamfa ba. Haka kuma farashin da ake aikawa tun farko sabarka ce ya kamata ta lissafa shi daga jerin kayanka, ba a karɓo shi daga wayar mai saye ba. Tambaya ɗaya ta ishe ka a nan: "Malam, kafin shafi ya ce an biya, yana tambayar kamfanin daga saba, kuma yana gwada adadin?" Wanda ya yi aikin zai amsa nan take, har ya nuna maka wurin. Wanda ya fara kewaye-kewaye, to bai yi ba.

Akwai kishiyar wannan matsalar, ita ma tana ɓata suna. Hajiya ta yi tiransifa, kuɗi ya fita, sai cajin wayarta ya ƙare ko data ta yanke kafin a mayar da ita shafinka. Idan shafinka jiran dawowarta kawai yake yi kafin ya yi tambaya, ba zai taɓa sanin ta biya ba. Da safe za ta kira ka da ɓacin rai, kai kuma allonka yana cewa ba a biya ba, ga shi ita ce mai gaskiya.

Maganin wannan shi ne abin da za ka gani a dashbod da sunan `Webhook URL`. A nan tafiyar ta juya: maimakon sabarka ta je tambaya, kamfanin ne yake aiko mata da labari. Mai haɗa shafi yana ware wani adireshi a shafinka, ya rubuta shi a wannan gurbin. Da zarar kuɗi ya shiga, Paystack zai aika saƙo mai suna `charge.success` zuwa can, ko wayar hajiya na kunne ko tana kashe. Idan sabarka ba ta amsa ba, zai yi ta sake aikawa lokaci-lokaci har tsawon kwana uku.

Abu biyu ke biyo bayan wannan. Na farko, adireshin a buɗe yake ga duniya, kowa na iya aika masa saƙo ya ce shi ne Paystack. Shi ya sa kowane saƙo na gaskiya yake zuwa da sa hannu mai suna `x-paystack-signature`, wanda ake lissafawa daga abin da saƙon ya ƙunsa da kuma mabuɗin sirrinka. Sabarka za ta sake yin lissafin da kanta. In bai zo ɗaya ba, ta yi watsi da saƙon. Na biyu, tunda ana maimaita aikawa, saƙon ciniki ɗaya yana iya isowa sau biyu. Manhajar da ba ta duba lambar ciniki ba za ta rubuta oda biyu, ta rage turmi huɗu daga lissafin kaya, yaranka kuma su kai kaya tasha sau biyu a kan kuɗi ɗaya. Amfanin `ODA-1052` ke nan: in an riga an rubuta an biya shi, saƙo na biyu ba ya ƙara komai.

Yanzu mu koma layin nan na biyu, mai farawa da `sk_live_`. Wannan shi ne mabuɗin sirri, kuma a ganina shi ne abin da mai shago ya fi sakaci da shi. Idan ka buɗe asusu a Paystack za a ba ka mabuɗai iri biyu. Mai farawa da `pk_` na fili ne, ana iya sa shi a shafin da kowa ke gani, ba ya iya yin ɓarna mai yawa. Mai farawa da `sk_` kuwa duk wanda ya riƙe shi, a idon kamfanin kai ne. Zai iya ganin cinikinka da bayanan kwastomominka, zai iya ba da umarnin mayar wa mutane kuɗi, kuma gwargwadon yadda aka saita asusun zai iya taɓa abin da ke cikinsa. API ba ta ganin fuska, mabuɗi take gani. Wurin zamansa saba ne kawai. Ba a sa shi cikin manhajar waya da ake raba wa jama'a, ba a tura shi a zauren WhatsApp na ma'aikatan shago, ba a ɗaukar hotonsa.

Daga nan wata shawara ta fito wadda ba ta da alaƙa da fasaha sam. Asusun Paystack ɗin ya zama naka ne: da imel ɗinka, da lambar wayarka, da takardun kasuwancinka, da asusun bankin da kai ke iko da shi. Ana samun mai haɗa shafi ya ce, don sauƙi, bari ya yi amfani da nasa asusun, ya riƙa turo maka. Ko da mutumin kirki ne, ka mayar da shi ma'ajinka ke nan ba tare da ka yi niyya ba, kuma ranar da kuka saɓa, ko ya yi tafiya, ko ya kwanta rashin lafiya, cinikinka na hannunsa. Ka buɗe da kanka, ka gayyace shi a matsayin ma'aikaci mai iyakantaccen iko. Ranar da kuka rabu ka cire shi, ka sabunta mabuɗin sirri daga dashbod, sabon mai kula da shafi ya sa sabon a saba. A yi su kusa da juna, domin da zarar tsohon ya daina aiki, shafinka ba zai karɓi kuɗi ba sai an sa sabon.

Kowane mabuɗi kuma yana da na gwaji da na gaske: `sk_test_` da `sk_live_`. Na gwaji yana yin komai kamar gaske, har ya ce `success`, amma katin wasa ake amfani da shi, ko kwabo ba ya motsi. Da shi ake gina shafi. Abin da ke faruwa wani lokaci shi ne a buɗe shafi ga jama'a a manta ba a sauya ba. Idan ka ga wata alama a shafin biya tana nuna yanayin gwaji ne, ko ciniki na bayyana a ɓangaren gwaji na dashbod kawai, kada ka saki kaya.

Maganar kuɗi. Haɗa API ɗin kansa Paystack ba ya cajin komai, abin da kake biya mai haɗa shafi ladan aikinsa ne. Kamfanin yana cire nasa ne daga kowane ciniki. Farashin da ya daɗe yana wallafawa na cinikin cikin gida shi ne kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, ana yafe naira 100 ɗin in cinikin bai kai naira 2,500 ba, kuma duka cajin ba ya wuce naira 2,000. A cinikin hajiya, kashi 1.5 na 40,000 naira 600 ne, a ƙara 100, ya zama 700. Abin da zai iso gare ka naira 39,300 ne. Ka duba farashin ranar a shafinsu kafin ka sa hannu, ka kuma yanke shawara tun wuri ko kai za ka ɗauki cajin ko za ka saka shi cikin farashin kaya. A kayan da ribarsu ƙanƙanuwa ce, naira 700 ba abin rainawa ba ce. Sannan `success` ba ya nufin kuɗin yana asusun bankinka a lokacin. Yana hannun kamfanin, kuma a al'ada washegarin ranar aiki ake tara cinikin jiya a turo maka dunƙule ɗaya. Cinikin daren Juma'a sai Litinin. Wanda ke juya jari kullum ya sa wannan a lissafi.

API ɗin tana da iyaka da ya kamata ka sani. Abin da ya bi ta cikinta kawai take gani. Idan hajiya ta bar shafin ta kira ka, ka ba ta lambar asusunka na banki na yau da kullum ta tura can, Paystack bai san da zancen ba, shafinka ma haka. Wannan sai ka duba manhajar bankinka da idonka kamar da. Ba ta kuma hana mai kati ya kai ƙara bankinsa daga baya ya ce bai karɓi kaya ba. In hakan ta faru za a nemi hujja daga gare ka cikin ƙayyadadden lokaci, don haka rasit na tasha da saƙon da mai saye ya ce kaya sun iso, ka riƙa adana su da lambar odarsu.

Ranar da biya ya tsaya, kada ka tsaya a kan "API ce ta lalace". Kowace amsa tana zuwa da lamba, kuma lambar tana nuna inda laifin yake. Ka tambayi mai haɗa shafi wace lamba ce ta dawo. 200 lafiya lau. 401 mabuɗi ne ba daidai ba, ko an sabunta shi ba a sa sabon ba. 400 saƙon ne aka rubuta ba bisa ƙa'ida ba. Waɗannan biyun gyaransu na ɓangarenku ne. 500 da 'yan uwanta kamar 502 da 503 kuwa daga can ne, sai haƙuri da sake gwadawa. Wanda ba ya iya gaya maka lambar, yana nufin bai sa shafin ya riƙa ajiye tarihin saƙonnin da yake aikawa da amsoshinsu ba, kuma wannan ma aiki ne da ya rage masa.

Kafin ka biya cikon kuɗin aiki, ku zauna tare ku yi gwaji da kuɗin gaske. Ka sa wani kaya na naira 200 a shafin, ka saya da wayarka, ka ga ya fito a dashbod a ɓangaren gaske da adadinsa daidai, washegarin ranar aiki ka ga kuɗin a bankinka. Ka sake saye, ka isa shafin biya ka fita ba ka biya ba, sannan ka buɗe adireshin "an gode" da hannu: odar ta tsaya a matsayin ba a biya ba. Ka saya karo na uku ta tiransifa, da zarar kuɗi ya fita ka kashe datar wayarka, ka duba daga wata wayar ko odar ta koma an biya da kanta. Idan ukun nan sun tafi daidai, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba. Idan ɗaya ya faɗi, aiki bai ƙare ba, kuma kada ka yarda a buɗe shafin ga kwastoma sai an gyara.